Kiron a gida na 10 ko a gida na 1: amsa ga Hajiyar da waya ta ce mata ciwonta ba ya warkewa

"Salamu alaikum Malam. An haife ni a Garwa ran 12 ga Afrilu 1975. 'Yata ta saka ranar haihuwata a waya sai ya fito mata Chiron en Bélier, maison 10, wai ina da ciwo a zuciya wanda ba ya warkewa kuma wurin aiki da suna yake. Ba mu san awa ba sai ta bar shi a 12:00, amma Inna takan ce da asuba ta haife ni ladan yana kira. Tun da na cika hamsin abubuwan baya suke ta dawo min, har kuka nake yi ba dalili. Mene ne wannan abu, kuma da gaske ba zan warke ba?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye maganar gida na 10 ɗin nan tukun, don ba naki ba ne, ƙarfe 12 da 'yarki ta bari shi ya haife shi, kuma zan nuna miki yadda aka yi da lissafi ba da baki kawai ba. Amma kafin nan sai na faɗa miki inda na tsaya don kar ki ɗauki maganata fiye da nauyinta. Ni na fara ne da lissafin buruji da manzilolin wata a wurin tsofaffinmu, irin wanda ake sanin shigar damina da sanyi da shi, daga baya na karanta tsarin Turawa a littattafan Faransanci na shekaru masu yawa, na zana wa mutane taswirar haihuwa ba adadi. Gaibu kam Allah kaɗai ya sani, dutse a sama ba ya cutarwa ba ya warkarwa, hadisin da ke cewa wanda ya ɗebi wani yanki na ilmin taurari ya ɗebi yanki na sihiri sananne ne, kuma malamai da yawa sun hana shiga wannan fanni gaba ɗaya, ban ɓoye miki ba. A ɓangaren kimiyya ma ba wani gwaji da ya tabbatar cewa wurin da tauraro yake ran haihuwa yana tsara halin mutum. Abin da zan yi miki shi ne bayanin yadda masu wannan fanni suke karanta Kiron, da inda karatun yake karyewa, tunda an riga an jefa miki tsoro da sunansa.

Shi kansa abin da ke sama

Kiron (haka ake furta shi, a waya za ki ga an rubuta Chiron) ba ya cikin taurari bakwai da malamanmu na da suka sani, wato Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Ba ki ganinsa da ido ko da daren ya yi tas. Wani masanin falaki Charles Kowal ne ya gano shi ran 1 ga Nuwamba 1977 a cikin hotunan da aka ɗauka a Palomar da ke Kalifoniya, kinga ke kin girme wa gano shi da shekara biyu da rabi. Faɗinsa wajen kilomita 200 ne kawai, yana zagaya Rana tsakanin Zuhalu da Yuranus, kuma zagaye ɗaya yana cin shekara 50 da 'yan watanni. Da farko an ɗauke shi dutse ne aka ba shi lamba 2060, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ga yana fitar da hazo irin na tauraro mai wutsiya. A taswira alamarsa kamar makulli take, harafin K a kan da'ira.

Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne hanyarsa ba da'ira sak ba ce, doguwa ce kamar ƙwai. Idan ya kusanto Rana, kamar a 1996, gudu yake, ya ratsa burujin Mizani cikin ƙasa da shekara biyu. Idan ya yi nisa kuma, kamar a 2021, sai ya yi ta jan ƙafa, a burujin Hamalu wanda waya ta rubuta miki Bélier yana yin shekara takwas. Ya zauna a Hamalu daga 1968 har zuwa 1976 da farkon 1977. Toh kusan duk wanda aka haifa a duniya a tsakanin nan, daga Garwa har Injamena har birnin Sin, Kiron ɗinsa a Hamalu yake. Ƙawayenki na lakwal, da mijin ƙanwarki, da mai sayar miki da kifi a bakin Binuwai in tsaranki ne, duk ɗaya kuke. Shi ya sa ko masu fannin da suka san abin da suke yi ba sa ɗora nauyi a kan burujin, sukan ce launi ne na tsara guda. Abin da suke dubawa don mutum ɗaya shi ne gida, da kuma taurarin da Kiron ya raɓa.

Daga ina aka samo maganar ciwo

Daga suna aka samo ta, ba daga dogon lura ba, wannan yana da kyau ki sani. Masu falaki sun ba dutsen sunan wani a tatsuniyar Girkawa, sai masu karanta taswira suka ɗauki tatsuniyar suka mai da ita ma'ana cikin 'yan shekaru, a Amurka da Ingila. Zuhalu an yi shekaru sama da dubu biyu ana rubutu a kansa, Kiron ko hamsin bai cika ba.

Tatsuniyar ita ce, Kiron rabinsa mutum rabinsa doki. Ubansa Kuronos ya rikiɗe ya zama doki ya sadu da uwarsa Filira ya tafi abinsa, ita kuma da ta haihu ta ga siffar ɗan sai ta kasa kallonsa ta bar shi. Ya girma a kogo a dutsen Feliyon, ya zama gwanin magani da kiɗa da harbi, ana kawo masa 'ya'yan manya yana riƙonsu yana koya musu, har da Askilefiyos wanda Girkawa suka ɗauka uban likitanci. Wata rana kibiyar abokinsa Herakulis mai dafi ta same shi a ƙafa bisa kuskure. Duk saiwar da ya sani ya gwada ba ta yi ba, kuma shi a tatsuniyar ba mai mutuwa ba ne, ga ciwo ga ba mafita, har dai ya yarda ya ba da rashin mutuwarsa aka fanshi Furomitiyos da ke ɗaure, sannan ya huta.

Ki lura ciwo biyu ne a nan. Na farko na haihuwa ne, an ƙi shi kan abin da ba shi ya yi ba. Na biyu na kuskure ne, wanda ya harbe shi ba maƙiyinsa ba ne kuma ba da niyya ba. Wannan na biyun mutane suke mantawa, kuma ni a ganina shi ne ƙashin bayan karatun gaba ɗaya: Kiron a wurinsu ba ya nufin zaluncin maƙiyi, yana nufin raunin da ya zo daga hannun wanda ke son ka, ko daga yanayin da ba mai laifi a ciki. Kalmar "ba ya warkewa" da ta tsorata ki daga nan aka ciro ta, ƙafar dokin tatsuniya ake nufi, ba hukunci aka yanke a kanki ba.

Taswirarki, mu bi ta a hankali

Gidaje sha biyu da ake magana ba komai ba ne illa sama da aka yanka kashi sha biyu daga inda kike kwance ran da aka haife ki. Gida na 1 yana ƙarƙashin gabas daidai inda abu ke shirin fitowa, na 10 yana tsakiyar sama bisa kai, na 7 yana yamma wurin faɗuwa, na 4 yana ƙarƙashin ƙafa. Tunda duniya tana juyawa sau ɗaya a awa 24, kowane tauraro yana ratsa dukkan gidajen a yini ɗaya, wajen awa biyu a kowane gida. Saboda haka gida ba ranar haihuwa ke ba da shi ba, awa ce.

Kowane buruji ana raba shi daraja 30. Ran 12 ga Afrilu 1975, Asabar ce, Rana tana wajen daraja 22 a Hamalu, Kiron yana wajen daraja 24, kusan a manne suke. Wannan ya sauƙaƙa mana aiki sosai don ko ba na'ura za ki iya bin sa da ido: duk inda Rana take a sama a wannan yini, Kiron yana gefenta. Da aka bar agogo a 12:00, ina Rana take da tsakar rana a Garwa a watan Afrilu? Bisa kai mana, ke ma kin san zafin. Sai na'ura ta ce Kiron yana tsakiyar sama, gida na 10, gidan aiki da suna da matsayi, ta zubo miki rubutun da aka tanada wa wannan gida. Duk wanda aka haifa a Garwa a makon nan aka bar masa 12:00 abin da zai gani ke nan.

Yanzun mu ɗauki maganar Inna. Kiran asuba a Garwa a wannan lokaci wajen ƙarfe biyar saura ne, Rana kuma tana fitowa dab da ƙarfe shida. Kenan Rana da Kiron suna ƙarƙashin gabas ba su fito ba, gida na 1. Da a ce bayan gari ya waye ne da hantsi bai ɗaga ba, sai su koma gida na 12. Da dab da magariba ne gida na 7, gidan aure. Da wajen sha ɗaya na dare ne gida na 4, gidan iyaye da asali. Kinga mutum ɗaya rana ɗaya, ciwo huɗu daban daban gwargwadon abin da aka danna a waya.

Akwai abu na biyu da awa ta canza, kuma ya fi gidan ma nauyi a wurin masu fannin. Wata ya haɗu da Rana ne da yammacin 11 ga Afrilu, wato an haife ki a ƙarshen watan Mauludi na 1395 sabon wata bai tsaya ba tukun (ki tambayi Inna ko 'yan'uwanta wannan, in sun tuna haka to ranar da ke takardarki daidai ce). Wata yana tafiyar daraja 12 zuwa 13 a yini. Da asuba yana wajen daraja 27 a Hamalu, tazararsa da Kiron kamar daraja uku. Zuwa tsakar rana ya riga ya tsallaka zuwa burujin Sauru, tazarar ta kai wajen bakwai. Ni ga Kiron ba na ƙirga abin da ya wuce daraja uku zuwa huɗu, don ƙaramin abu ne, in ka buɗe masa ƙofa da yawa sai ka ga ya taɓa komai a taswira kuma abin da ya taɓa komai bai faɗi komai ba. Toh a taswirar 12:00 Wata ba ya cikin magana, a ta asuba kuwa Kiron yana zaune tsakanin Rana da Wata, su uku a gida na 1.

In kin sake dubawa za ki iya ganin wani jan layi tsakanin Kiron da Yuranus, wai suna fuskantar juna. Ki ƙyale shi. Waɗannan biyun sun yi ta fuskantar juna daga shekarun 1950 har ƙarshen 1980, na tsara ne shi ma.

Yadda ake karanta wannan, da inda littafin Bature ke kuskure a kanmu

A tsarinsu gida na 1 shi ne kai, jiki, fuska, yadda mutum ke shiga ɗaki, da jin cewa ina da haƙƙin zama a nan. Kiron a wurin ana karanta shi da mutumin da tun yana ƙarami yake jin kamar sai ya biya kuɗin zamansa da hidima, ba ya iya cewa ina so, in an yabe shi sai ya rasa inda zai sa kansa, in ya nemi abu don kansa sai ya kwana yana jin ya yi laifi. Rana a wurinsu uba ce da kuma ƙarfin cewa ni ne, Wata kuma uwa ce da reno da wurin da ake kai kuka. Idan Kiron ya raɓi su biyun sai su ce tushen abin yana shekarun farko, wurin waɗanda suka riƙe yaro.

A nan ne nake so ki yi hattara, don in kika karanta fassarar da ke waya za ta ce miki kai tsaye wai uwarki ta ƙi ki ko ba ta so ki. Wanda ya rubuta wannan yana tunanin gidan da ke da uba ɗaya uwa ɗaya yara biyu ne, bai san gidanmu ba. Bai san kunyar ɗan fari ba, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ko kallonsa ba ta yi sosai, alhali in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta barci, kuma a Garwa da muke cuɗe da Fulani abin ya fi ma tsanani. Bai san riƙo ba, a yaye yarinya a kai ta wurin goggo ko kaka a Marwa ko Gaundare, ana ganin karamci aka yi wa goggon da ba ta haihu ba, ita kuwa yarinyar ta girma da tambayar da ba ta taɓa furtawa ba, me ya sa ni aka bayar aka bar sauran. Bai san yaron da aka kai almajiranci yana shekara bakwai don ana son shi da alheri ba. Duk waɗannan ba ƙiyayya ba ce, amma yaro yana iya jin zafinsu har tsufa, kuma abin da ke ƙara masa nauyi shi ne ba wanda zai kama da laifi, in ya buɗe baki ma a ce masa butulu. Wannan shi ne kibiyar aboki da na ce miki.

Shi ya sa ni ban taɓa ce wa mutum "ga ciwonka" ba tun da na yi hankali a wannan aiki. Tambaya nake yi. Da kina gabana abin da zan tambaye ki ke nan: wa ya riƙe ki daga yaye zuwa shekara bakwai? Ke ce ta fari? Idan abu ya dame ki kina ƙarama wurin wa kike zuwa, ko kuwa bayan ɗaki kike zagayawa ki gama kukanki ki wanke fuska? Yau in ana rabon abu a gidan biki kina iya miƙa hannu ki ce ban samu ba? Sannan wace irin matsala ce mutane suke kawo miki ke musamman? Ta ƙarshen nan ita ce ɓangaren warkarwa. Masu fannin suna cewa inda mutum ya ji ciwo nan idonsa ya fi gani, wadda ta girma a hannun riƙo ita ce ke shiga gida ta hango yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa ba ta sa hannu a kwano ba, tun kafin kowa ya lura. Na san wata ungozoma a unguwarmu, marainiya ce ta tashi, duk jaririn da uwarsa ta rasu a wurin haihuwa ita ke fara ɗaukarsa ta nemo mai shayarwa kafin a gama wanka, amma ita kanta ko ciwon kai take ba ta iya cewa a miƙo mata ruwa. Abin da suke nufi da majinyaci mai magani ke nan, kuma rabin da ya rage mata shi ne ta yarda a yi mata abin da take yi wa mutane. Warkewa a wannan karatu ba wai a shafe abin da ya faru ba ne, tabo yana nan, amma ya daina zama shi ke zaɓa wa mutum abin da zai yi.

In kuma kin ji tambayoyin nan kika ga ba su taɓa ki ba, kin tashi a gaban iyayenki cikin gata kina faɗin abin da kike so, toh karatun bai dace da ke ba, shi ke nan. Kar ki je kina tonon ciwon da babu don taswira ta ce akwai.

Kuskuren da ya koya min wannan

Shekarun baya wani direban babbar mota mai zuwa Kusiri ya kawo min takardarsa, na zana masa, Kiron ya faɗo kusa da Zuhalu a lissafina, na yi masa bayanin uba mai tsanani da yaron da bai taɓa jin an ce masa madalla ba. Mutumin nan ƙato da shi ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan tabarma, ya ce Malam kamar kana gidanmu. Na ji daɗi a raina na ce ilmi ya yi aiki. Bayan wata biyu ya dawo da yayarsa, a cikin hira take cewa ai takardar nan jujuma ce aka yi masa lokacin shiga lakwal, an rage masa shekara uku, ranar ma ƙirƙira aka yi. Taswirar da na karanta ba tasa ba ce sam. Amma kukan nasa na gaske ne, uban ma na gaske ne.

Na daɗe ina juya wannan. Abin da na gane shi ne maganar ciwon yarinta riga ce da ke shiga kusan kowa, wa ya tashi ba a taɓa ɓata masa ba? Wani malamin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya gwada irin wannan a 1948, ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, kuma yawancinsu suka ce ya dace da su ƙwarai. Saboda haka in mutum ya ce min "wallahi haka ne" ba na ɗaukarsa hujjar cewa taurari sun faɗi gaskiya. Abin da ya amfani direban nan shi ne an zauna an tambaye shi abin da ba a taɓa tambayarsa ba. Kuma a ƙasarmu wannan matsala ta takarda babba ce, mutum nawa ne takardarsu ke cewa an haife su wajen shekara kaza, ko 1 ga Janairu? Mai irin wannan takarda ba shi da taswira, duk wanda ya karɓi kuɗinsa ya ce ya ga gidan Kiron ɗinsa ya cuce shi.

Maganar shekara hamsin

Tunda zagayensa shekara 50 ne, kowa in ya kai 49 zuwa 51 Kiron yana dawowa daidai inda yake ran haihuwarsa, suna kiran wannan dawowar Kiron. Naki daraja 24 na Hamalu ya taka ta a bazarar 2025, ya wuce, ya ja da baya ya sake taka ta wajen ƙarshen shekarar, sannan ya bi ta kanta karo na uku a farkon 2026. Ja da bayan nan ba wai dutsen ya juya ba ne, mu ne duniyarmu ke wuce shi sai a ga kamar yana komawa. Masu fannin suna cewa lokaci ne da tsohon ciwo ke tasowa don a dube shi da idon babba, karo na farko ya buɗe, na biyu a zauna da shi, na uku a ajiye. Ba sa ɗaukarsa lokacin musiba.

Amma ki duba da kyau, tunda kowa a hamsin yake samunsa, ba yadda za a raba aikin Kiron da aikin hamsin ɗin kanta. A wannan shekaru ne iyaye ke tsufa ko rasuwa, yara suna aure gida yana yin shiru, wadda ta yi shekara talatin tana hidima ba ta zauna ba sai ta samu kanta zaune da tunani. Ga mace kuma ga ɗaukewar al'ada, wadda ita kaɗai tana kawo zafin jiki da dare da rashin barci da saurin kuka. Wannan bayani ya fi kusa, kuma yana da magani a hannun mutane. In kukan ya wuce mako biyu kullum, ba barci, abinci ba ya shiga, abin da kike so da duk ya fita ranki, dan Allah ki je lopital ki faɗa wa likita ko sajfam yadda kika faɗa min, a duba hawan jini da sukari da sauran su. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa miki, yau ɗin nan za ki faɗa wa wani na kusa ku tafi tare, ba gobe ba.

Kuma kar ki ba kowa ko dala da sunan maganin Kiron, ba turare ba zobe ba yanka. Kar kuma ki ɗauki taswira ki je ki tsare Inna da ita kina cewa ga abin da kika yi min, na ga gidan da irin haka ya raba. In tana da rai da lafiya ki je mata da goro da yamma in rana ta yi sanyi, ki fara da tambayar awa tunda ita ce ta kawo mu nan, kiran farko ne ko na biyu, a gida ne ko a lopital, wa ya yanke cibiya, wa ya fara ɗaukarki. Tsofaffi in an fara musu da irin wannan sukan ci gaba da kansu har su kai inda ba a tambaye su ba. In kin samo awar ta tabbata asuba ce, ki ba 'yarki ta cire 12:00 ta sa 05:00, garin ta zaɓi Garoua, agogon ya zama UTC+1, za ki ga da idonki makullin nan ya sauko daga saman da'irar ya koma gefen hagu ƙarƙashin layin gabas.